Yadda NTP ke sa agogunan kwamfutocin duniya su yi baki ɗaya

Duk wanda ya taɓa kunna tsohuwar kwamfuta da batirin cikinta ya mutu ya san abin da ke biyo baya, kwanan wata ya koma wata shekara can baya, ka buɗe burawza kowane shafi sai ya ce maka ba shi da tsaro, alhali data na nan netwok ma lafiya lau. Dalili shi ne takardar shaidar da kowane shafi ke nunawa tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma da agogon kwamfutarka ake duba ta. Haka ma lambobi shida ɗin nan da manhajar tantancewa ke ba ka in za ka shiga akawun, duk bayan sakan 30 suke canzawa kuma daga lokaci ake lissafo su, in agogon wayarka ya kauce da minti biyu sai a ƙi karɓa ko da ka rubuta daidai.

Matsalar daga tushe ita ce babu kwamfutar da ta san lokaci, ƙirge kawai take yi. A cikinta akwai wani ɗan ƙaramin dutse da ke karkarwa in an ba shi wuta, na agogon da ke aiki da batiri sau 32,768 yake yi a sakan ɗaya, in kwamfutar na kunne kuma da wani dutsen daban take ƙirga nata. To ba a taɓa yanka dutsen nan daidai cif ba, kuma zafi da sanyi na canza masa gudu. A ce kuskurensa kashi 20 ne kacal cikin miliyan, ka lissafa da sakan 86,400 da ke cikin kwana ɗaya, za ka ga yana kaucewa da kusan sakan 1.7 kullum, a wata ɗaya ya doshi minti. Kuma kowace kwamfuta da nata kalar kuskuren, wata sauri wata nawa.

Wanda ya yi rayuwarsa a kan wannan matsala shi ne David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka, shi ya fitar da NTP, tsarin da kwamfutoci ke tambayar juna lokaci ta netwok don su daidaita agogunansu, a rubuce a 1985, zubi na huɗu da ake aiki da shi yanzu ya fito a 2010, shi kuma ya rasu a Janairun 2024. Lokacin da tsarin ke rarrabawa shi ne UTC, lokacin bai ɗaya na duniya, wanda wata hukumar awo da ke kusa da Paris ke haɗawa daga ɗaruruwan agogunan atam na ƙasashe daban-daban. Sakan ɗaya a wurinsu shi ne karkarwa 9,192,631,770 na ƙwayar sinadarin sisiyam. NTP ba ruwansa da cewa kai a Kano kake ko Accra, UTC tsagwaronsa yake kawowa, kwamfutarka ce ke ƙara awa ɗaya in a Najeriya ko Nijar kake. Shi ya sa in agogo ya kauce da awa ɗaya cif ba daɗi ba ragi, yawanci saitin yankin lokaci ne ba daidai ba, ba laifin NTP ba ne.

Ana raba lokacin ne hawa-hawa. Agogon atam ko na'urar da ke kama siginar GPS su ne hawa na 0, saba, wato kwamfutar da ke amsa tambayar wasu kwamfutoci, in an jona ta da su kai tsaye ita ce hawa na 1, wadda ta tambayi waccan ta zama na 2, haka har zuwa 15, in ka ga 16 ma'anarsa wannan ba ta daidaita da kowa ba. A allo `Stratum` za ka ga an rubuta. Mutane da yawa na ɗauka ƙaramar lamba ita ce mafi kyau ko yaushe, ba haka ba ne, za mu ga dalili.

Asalin wahalar ita ce lokaci ba abu ba ne da za a aiko maka ya iso yadda yake. Ka aiki yaro gidan maƙwabci ya tambayo ƙarfe nawa, ya dawo ya ce huɗu daidai, to huɗu daidai ne a lokacin da aka faɗa masa, kafin ya iso wurinka ta wuce. Sai dai in ka duba ka ga tafiyar ta ɗauke shi minti goma, ka tambaye shi ya ce ya tsaya minti biyu a gidan, sai ka ce saura takwas na hanya ne, huɗu zuwa huɗu dawowa, kenan yanzu huɗu da minti huɗu. Dabarar NTP kenan gaba ɗaya, sai dai shi da milisakan yake aiki, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Kwamfuta na tura ɗan ƙaramin saƙo ta UDP, ɗaya daga hanyoyin aika saƙo a intanet, zuwa ƙofa mai lamba 123 ta sabar, kuma ana buga hatimin lokaci sau huɗu. Na farko lokacin da saƙon ya bar kwamfutar, da agogonta. Na biyu lokacin da ya isa saba, da agogon saba. Na uku lokacin da amsa ta bar saba, shi ma da agogon saba. Na huɗu lokacin da amsar ta dawo, da agogon kwamfutar. A kira su T1, T2, T3 da T4 bi da bi, daga nan sai lissafi biyu:

```
delay  = (T4 - T1) - (T3 - T2)
offset = ((T2 - T1) + (T3 - T4)) / 2
```

Na farkon shi ne tsawon lokacin da aka ɓata a hanya zuwa da dawowa, na biyun shi ne tazarar da ke tsakanin agogunan biyu.

Bari mu sa lambobi. A ce kwamfuta ce a Kano tana tambayar wata saba a Turai, agogonta na baya da milisakan 400 amma ita ba ta sani ba. Saƙo ya fita da ƙarfe 10:00:00.000 a agogonta. Ya yi milisakan 60 a hanya, sabar ta rubuta 10:00:00.460 tunda nata agogon na gaba da 400. Ta ɗauki milisakan 2 tana haɗa amsa, ta rubuta 10:00:00.462 ta saki. Amsar ta yi wasu 60 ɗin a hanya ta iso kwamfutar ta rubuta 10:00:00.122. To a duba, duka tafiyar 122 ce a cire 2 na tsayuwa saura 120, wannan shi ne jinkirin hanya. Tazara kuma, bambancin zuwa 460, bambancin dawowa 462 a cire 122 ya ba da 340, a haɗa 800, a raba biyu 400. Ta gano kuskurenta cif ba tare da ta taɓa sanin tsawon kowace hanya ita kaɗai ba. Abin da ya faru shi ne a zuwa jinkirin hanya ya ƙaru a kan tazarar, a dawowa kuma ya ragu daga cikinta, da aka haɗa sai suka cinye juna.

Amma fa sun cinye juna ne saboda zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya, kuma a nan ne raunin tsarin yake. Mu sake lissafin, kome na nan yadda yake, sai dai yanzu wani a ofis ɗin yana loda bidiyo mai nauyi layin fita ya cushe, saƙon ya yi milisakan 100 a zuwa, amsa kuma ta dawo cikin 20. Sabar za ta rubuta .500 da .502, amsar ta iso .122 kamar ɗazu. Jinkiri 120 ne dai bai canza ba. Tazara kuwa 500 da 380 a raba biyu, 440. Kwamfutar za ta yarda tana baya da 440 alhali 400 ne, ta yi kuskuren milisakan 40, kuma babu wani abu a cikin lambobin huɗun nan da zai nuna mata an samu matsala. Ba za ta iya auna zuwa shi kaɗai ba, don kafin ka auna tafiya ta ɓangare ɗaya sai agogunan biyu sun riga sun daidaita, shi ne kuma abin da ake nema tun farko. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a intanet, sau da yawa saƙo na fita ta layin wani kamfani amsa ta dawo ta na wani, a datar waya ma gudun lodawa da na saukewa ba ɗaya ba ne.

Abin da lissafin ke iya ba ka tabbacinsa shi ne iyaka. Tunda babu hanyar da za ta ɗauki ƙasa da sifili, kuskuren ba zai wuce rabin jinkirin ba. Jinkirin 120 na nufin gaskiya na cikin 60 sama ko 60 ƙasa da abin da aka lissafa. A ganina wannan shi ne abu mafi muhimmanci da mai kula da saba ya kamata ya riƙe, amsar NTP tazara ce mai baki biyu, kuma faɗinta ya danganta da nisan hanya. Haske a cikin wayar faiba yana cin kusan kilomita 200,000 a sakan, wato duk kilomita 1,000 milisakan 5 ne a zuwa kawai, babu injiniyan da zai rage wannan. Shi ya sa sabar hawa na 2 ko na 3 da ke kusa da kai mai jinkirin milisakan 10 tana iya fin ta hawa na 1 da ke wata nahiya mai jinkirin 200 amfani nesa ba kusa ba.

Akwai dabarar da ake rage ɓarnar cunkoso da ita. Manhajar ba ta dogara da tambaya ɗaya, tana ajiye awo takwas na ƙarshe daga kowace saba ta fifita wanda jinkirinsa ya fi ƙanƙanta, tunda saƙon da ya je ya dawo da sauri shi ne bai tsaya a layi ba. Wannan na maganin cunkoson da ke zuwa ya wuce. Amma in bambancin na dindindin ne, wato hanyar zuwa kullum ta fi ta dawowa tsawo, to duk awon takwas ɗin za su karkata gefe ɗaya, kuskuren zai zauna daram.

Sai matsala ta biyu, ita sabar kanta in ta ruɗe fa? Ya taɓa faruwa ga waɗanda ba a zata ba. A Nuwamban 2012 sabobin lokaci na cibiyar binciken taurari ta sojojin ruwan Amurka, waɗanda hawa na 1 ne kuma jama'a da yawa suka dogara da su, sun yi ɗan lokaci suna ba da shekarar 2000. Na'urorin da su kaɗai suke saurara kuma ba su da wani shinge suka bi su suka koma baya shekara 12, mutane suka kasa shiga kwamfutocin ofis. Tsarin shiga na Kerberos da ofisoshi masu Windows ke aiki da shi bisa al'ada bambancin minti 5 kawai yake yafewa.

Maganin da Mills ya sa a tsarin shi ne a tambayi da yawa a duba inda bakinsu ya haɗu, kuma a nan ne tazara mai baki biyun nan ke aiki. A ce saba ta farko ta ce kana baya da tsakanin 385 zuwa 415, ta biyu ta ce 390 zuwa 430, ta uku 360 zuwa 420, ta huɗu kuma ta ce tsakanin 1,990 zuwa 2,010. Ukun farko duk sun yi tarayya a tsakanin 390 da 415, ta huɗun ba ta taɓa kowa ba, sai a yi watsi da ita komai ƙanƙantar lambar hawanta, a haɗa amsar sauran a fi ba mai ƙaramin kuskure nauyi. Ba matsakaici ake ɗauka na duka ba, da haka ake yi da guda ɗaya mai ƙarya ta janye kowa. Ka ga kenan saba ɗaya babu mai ƙaryata ta, biyu kuma in sun saɓa ba ka san wa za ka bi ba, da uku ake samun rinjaye, ana son huɗu ne don ko ɗaya ta mutu a bar ka da ukun da za su iya yanke hukunci. Sai dai huɗun su zama da gaske daban-daban, in duk daga saba guda suke sha to ɗaya ce kake tambaya sau huɗu. Yawancin kwamfutocin Linux daga `pool.ntp.org` suke samun nasu, wani rukuni ne na sabobin 'yan sa kai da ke ba ka adireshi daban-daban yana ƙoƙarin zaɓo na kusa da kai. Windows kuwa in ba a taɓa saitinta ba `time.windows.com` take tambaya, wannan ya ishi mai kwamfutar gida, amma ban ga hikimar barin sabar da ke rubuta harkar kuɗi a kan tushe ɗaya ba.

To an gano kuskure, saura gyara, kuma ba a cika tura agogo kai tsaye ba. Tunanin farko shi ne a rubuta sabon lokaci kawai a wuce wurin, amma ka ɗauka agogon gaba yake da sakan biyu aka mai da shi baya, sakan biyun nan za su faru sau biyu, sai ka ga a rajistar banki an cire kuɗi kafin a saka su, ko aikin da aka tsara ya gudana sau ɗaya ya gudana sau biyu. Saboda haka in kuskuren ƙarami ne sai a ɗan ƙara wa agogon gudu ko a rage masa har ya kamo, lokaci bai taɓa komawa baya ba. A tsohuwar manhajar `ntpd` iyakar wannan gyaran rabin milisakan ne a kowane sakan, wato kuskuren milisakan 100 zai ci sakan 200, na sakan ɗaya kuma zai ci sakan 2,000, sama da rabin awa. Shi ya sa aka sa iyaka, in kuskuren ya haura milisakan 128 kuma ya tabbata sai ta tsallaka da agogon gaba ɗaya. In kuma ya haura sakan 1,000 sai ta ƙi taɓawa sam ta rufe kanta, tana ganin wannan ya fi ƙarfin ɗan kaucewar dutse, mutum ya zo ya duba. Wannan shingen shi ke kare na'ura daga irin abin 2012, amma shi ne kuma ke rikita mutane, sabar da batirinta ya mutu ta tashi da kwanan wata na shekarun baya, a ce ai an sa NTP me ya sa bai gyara ba, alhali ya ga tazarar ne ya janye hannu. Zaɓin `-g` shi ke ba ta izinin yin babban tsalle sau ɗaya a farkon tashi. Ita `chrony`, wadda yawancin sababbin Linux na saba ke zuwa da ita, layin `makestep 1.0 3` ne ke yin makamancin haka, ma'anarsa in kuskure ya wuce sakan ɗaya a gyara uku na farko a tsallaka, bayan nan sai a hankali.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne manhajar ba lokaci kaɗai take gyarawa ba, halin dutsen take koya. In ta lura kullum agogon na ja baya da kashi 20 cikin miliyan sai ta riƙa ƙara masa wannan adadin dindindin, ta kuma rubuta lambar a wani ɗan fayil don in an sake kunna kwamfutar kar ta fara daga farko. Da ta gane shi sai ta rage tambaya, daga duk sakan 64 har ta kai duk sakan 1,024, kusan minti 17, kuma ko intanet ya yanke na awoyi agogon zai ci gaba da tafiya kusa da daidai. Abin da ke ɓata wannan koyon shi ne canjin zafi. Ɗakin saba da na'urar sanyaya ɗaki ke mutuwa duk sanda aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, dutsen na canza gudu tare da zafin, lambar da aka koya da safe ba ta dace da ta rana ba, kuma za ka iya ganin haka ƙarara in ka zana jadawalin gudun na kwana biyu ko uku.

In kana son ganin halin da taka ke ciki, a Linux mai `chrony` ka buga:

```
chronyc tracking
chronyc sources -v
```

Na farko zai nuna maka `System time`, wato nisan agogonka da abin da take ganin daidai ne, da `Frequency`, wato halin dutsen da ta koya. Na biyu jerin sabobi ne, alamar `^*` ita ce wadda aka zaɓa, `^+` ana haɗawa da ita, `^x` an kama ta da saɓa wa sauran, `^?` kuma ba a samun amsar da za a yi aiki da ita. Ka duba shafin `Reach`, in 377 ne tambayoyi takwas na ƙarshe duk sun samu amsa, in 0 ne ga duka sabobin to kusan ko yaushe shingen tsaro ne ya toshe UDP 123, abin da ke yawan faruwa a netwok ɗin ofis da aka buɗe wa shafukan yanar gizo kawai. A Windows `w32tm /query /status` ne, ka duba `Source`, in ka ga `Local CMOS Clock` ba ta sauraron kowa, da agogon batirinta take tafiya.

Akwai wani tarko da ya kamata mai zaɓen sabobi ya sani. Juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon atam, shi ya sa tun 1972 ake ƙara sakan ɗaya jefi-jefi a UTC, an yi haka sau 27, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba 2016. A wannan daren minti na ƙarshe na da sakan 61, kuma manhajoji da yawa ba a rubuta su da tunanin haka ba, na watan Yunin 2012 ya sa sabobin Linux da dama suka rikice har wasu manyan shafuka suka tsaya. Google sai suka ɗauki wata hanya, sabobinsu na `time.google.com` ba sa sanar da ƙarin sakan ɗin, shafa shi suke yi a kan awa 24, kowane sakan ya ɗan fi tsawo kaɗan. Duka hanyoyin biyu na aiki, amma in ka cakuɗa su a saiti ɗaya, biyu daga Google biyu daga `pool.ntp.org`, to a irin wannan ranar za su saɓa da abin da ya kai rabin sakan, biyu a nan biyu a can babu rinjaye, manhajar na iya ƙin amincewa da kowa. A 2022 taron ƙasashe kan ma'aunai ya amince a daina wannan ƙarin sakan nan da 2035, amma kafin nan ƙa'idar na nan, don haka ka zaɓi ɓangare ɗaya duk sabobinka huɗu su fito daga cikinsa.